Mai Tuƙa Kwalekwale

Ranar da Pyo Deok-hui ta fara koyon duba da katunan tarot masu hotuna a rumfar Malama Bang da ke birnin Daegu, abin da malamar ta fara yi shi ne ƙwace littafin fassarar da ta zo da shi, ta cusa a aljihun tebur.

"Kati saba'in da takwas ne, haddar za ta kashe ki a banza. Kullum da safe ki zari ɗaya, ki zuba masa ido. Me kika gani, me kika ji a ranki, wa ya tuna miki? Rubuta. Da yamma ki duba yadda ranar ta kasance."

Deok-hui, wadda ta shekara ashirin tana sayar da kifi, ta ce, "Malama, ni da ban san komai ba sai wutsiyar kifi?"

"To ki fara da ita."

Wata huɗu ana haka, Malama Bang tana ta yabon kanta da iya koyarwa. Sai ran nan Uwargida Eom ta shigo, wadda shekara goma sha ɗaya ba ta yarda kowa ya buɗe mata kati sai Bang. Ta zari ɗaya da hannun hagu. Katin da ake kira takuba shida ne: kwalekwale, mace da yaro a zaune, mutum a tsaye yana tuƙi.

"Hijira daga damuwa," in ji Bang, fassarar littafi kamar yadda ta saba. Don burga ta ƙara, "Ke ɗaliba, me kika gani?"

Deok-hui ta daɗe tana kallo. "Ni mai tuƙin nake gani. Kowa ya zauna, shi kaɗai ke tsaye, ba wanda ya waiwayo ya ce masa sannu. Yaya, wa kike tuƙawa?"

Uwargida Eom, da ta shekara bakwai tana jinyar surukarta, ta fashe da kuka har shayin sha'irinta ya huce.

Mako na zagayowa ta dawo da ƙunshin wainar shinkafa. Ta gaida Bang da ladabi, sannan ta leƙa bayanta. "Ƙanwar nan tana nan?"

Kishi ya turnuƙe Bang, ita kanta ta san kishi ne. Tana ji suna dariya a bayan labule. Da baƙuwar ta tafi, ta jawo aljihun tebur, ta dangwarar da littafin gaban Deok-hui.

"Kin cika shaci-faɗi. Koma ki haddace."

"Yau kuma? Ba ke kika ce..."

"Na ce ki haddace!"

Deok-hui ta ɗauka da hannu biyu, ta rusuna, ta fita.

Bang ta zaro takuba shida ta ajiye a gabanta. Ai ita ta koyar da hanyar, bari ta gani da idonta. Ta kalli ruwan, ta kalli yaron, ta kalli mai tuƙin, ta jira. Ba abin da ya zo mata sai hijira daga damuwa.