Albasa da Dankali Kawai

Tun da mijinta ya rasu, Auta ba ta sake yin yarensa da kowa ba. Tana wanke ganye a kicin ɗin otal, ta tashi ta koma gida. Sai ga shi an kawo sabon manaja mai wannan yare, ba ya jin Hausa ko kaɗan. Ranar da zai zauna da mai kawo musu kayan miya da ganye, aka rasa tafinta, kuku ya ce a kira Auta.

Mai kawo kayan kuwa yayanta ne. Shi da matarsa suka riƙe ta tun tana ƙarama.

Suka tsaya a ƙofar baya, kusa da sikeli. Manaja ya ɗaga latas ɗin da ya yi yaushi, ya fara magana. Da Auta ta ji shi, sai ta tuna da mijinta, don yadda yake jan kalma irin na marigayi ne sak.

"Yaya, ya ce daga yau ba a sayen kwando, da kilo za a auna. Kuma a tsayar da farashi ɗaya har ƙarshen wata."

"Farashi ɗaya? Tumatir da ke kwana da kuɗi ya tashi da wani? Wannan mai kai kamar kabeji ya taɓa shiga kasuwa kuwa?"

Ta ce wa manaja, "Ya ce farashin tumatir ba ya zama wuri ɗaya."

Manaja ya girgiza kai. "Ya yi magana doguwa, kin ba ni gajeruwa. Duk abin da ya faɗa nake so, kada ki rage, kada ki ƙara."

Ta sunkuyar da kai ta faɗa masa har da kabejin. Ya shafa sanƙonsa ya yi dariya, Yaya ma ya dara.

"Auta, ashe za ki tona ni?"

"Ka iya bakinka, Yaya. Yau ni hanya ce kawai."

Aka ja aka sassauta. Albasa da dankali a tsayar da farashinsu na wata, tumatir da ganye a duba kowane mako, abin da ya zo a ruɓe kuma a cire kafin awo. Auta har ta fara samun natsuwa.

Sai manaja ya nuna ɗakin sanyi. Ya ce ɗakin ƙarami ne, ganye yana lalacewa a ciki. Ba ya son kaya sau biyu a mako da hantsi kamar da. Kullum yake so, da sassafe, kafin a ɗora girki.

Tun kafin ta juya maganar ta san amsar. Matar Yaya ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya ko juyi. Da safe shi yake wanke ta, ya canza shimfiɗa, ya ba ta abinci da cokali, don ba ta yarda wani ya gan ta a haka. Sai maƙwabciya ta shigo zama da ita yake fita.

Ta faɗa wa Yaya. Ya ce, "Ki ce masa motata ta tsufa, ba ta tashi da sassafe."

Ta faɗa yadda ya faɗa.

Manaja ya ce, "To ya ɗauki hayar mota, ko ya aiko wani."

Yaya ya ce, "Ribar ba za ta ɗauka ba. Kuma ganye in ban zaɓa da hannuna ba, shara za a kawo masa."

Ta faɗi wannan ma. Sannan ta rage murya. "Yaya, don Allah bari in gaya masa gaskiya. Mutum ne, zai ji."

"Ba zan ɗora matata a kan sikelin nan ba, Auta."

"Me ya ce?" in ji manaja.

Kalmomin suna nan a bakinta. Ta san yadda ake cewa ciwo a yaren, ta san yadda ake cewa jinya, da su ta yi jinyar mijinta har ya cika. Ta dubi Yaya, ya kawar da kai yana gyara igiyar kwando.

"Ni ce na roƙe shi wani abu na gida," ta ce. "Ya ce a'a."

Manaja ya ɗan jira, ko za a ƙara masa wani abu. Ba wanda ya ƙara. Ya yi magana a hankali, ba faɗa, ita kuma ta juya ta fuskanci yayanta.

"Ya ce ya gode da shekarun da ka yi. Albasa da dankali ka ci gaba da kawowa, sau ɗaya a mako, a lokacin da ya yi maka. Tumatir da ganye zai ba wani."

Su ne masu ribar. Da su ake sayen magani.

"Ki ce masa na gode."

Ta faɗa. Suka yi musabaha.

Ta taya shi ɗaukar kwandunan da babu komai zuwa mota. Ya ce, "Kin iya yaren nan, Auta. Da mijinki na nan da ya ji daɗi." Ya murɗa makulli, motar ta tashi bugu ɗaya. Manaja yana tsaye a ƙofa, ya ji.

Ta koma wurin famfo ta ɗauki latas ɗin Yaya na ƙarshe, tana wanke shi ganye-ganye.