Kamashon Alhaji Lukman

Angela ce ke kula da cinikin ɗakuna a wani otal da ke Garki, kuma duk cikin ejan-ejan da ke kawo musu baƙi ba wanda yake sa ta ciwon kai kamar Alhaji Lukman. Mutum ne mai albarka, yakan cika mata hawa guda da masu zuwa taro ko masu jiran jirgin Umara. Aibinsa ɗaya, shi da biro ba sa ga maciji.

"Madam, ai bakina ya fi takarda," in ji shi kullum. Amma in aka zo biyan kamasho, sai bakin ya tuna abin da ba a faɗa ba.

Da oganta ya ce ba rubutu ba kamasho, ta aika wa Alhaji sharuɗɗa: kashi goma cikin ɗari a kan kuɗin ɗaki kawai, ban da haraji da abinci, kuma sai ɗakin da aka kwana a ciki. Ya amsa da saƙonnin murya, yana cikin mota a go-sulon Mararaba.

Angela ta zauna ta buga duk abin da ya faɗa, ba ta rage ko tari ba, ta gayyace shi ofis ta karanta masa.

"Kashi goma sha biyar nake so, kai mai Keke, makaho ne kai? Har da na abinci. To ko sha biyu ma na karɓa, amma kar Madam ta sani. Manniru, kashe wayar nan."

Alhaji ya tuɓe hula ya sosa ƙeya. "Direban nan nawa bai iya kashe waya ba."

"Wanne zan rubuta, Alhaji? Sha biyar ko sha biyu?"

"Mai Keken nan fa ki cire shi."

Ta cire shi. Suka ci gaba da ja-in-ja. Ta yarda da sha biyu, shi kuma ya haƙura da na abinci, bayan ya yi rantsuwa cewa baƙinsa ne ke raya kicin ɗinsu. Ya nemi ɗaki ɗaya kyauta a kan kowane ashirin da aka biya, ta ba shi, da sharaɗin zai saki ɗakunan da ba ya buƙata mako guda kafin baƙi su iso. Kamasho kuma sai baƙi sun tashi an biya otal, sannan a tura masa cikin mako biyu.

Ya karanta sau biyu yana bin layi da yatsa, ya sa hannu kamar ana cire masa haƙori.

Da tawagarsa ta gaba ta tashi, kuɗinsa suka shiga tun kafin wa'adi. Ya kira ta, ya buɗe baki zai yi ƙorafi, ya lalubi abin faɗa bai samu ba.

"Madam," ya ce da sanyin murya, "ya yara?"