Saƙo na Arba'in da Biyu

Wata biyu da rasuwar mahaifinta, Auta ta zauna a shagonsa na gyaran kujeru, wayarsa a hannunta. Ƙurar soso ta lulluɓe teburin. Ba ta goge ba.

Marigayin yana da wata ɗabi'a: duk wanda ya karɓi kujerarsa, sai ya bari ta yi wata guda ana zama a kanta, sannan ya kira ya ce a rubuto masa gaskiyar yadda aka same ta, ya kuma nemi izinin nuna wa mutane. Saƙo arba'in da ɗaya ya tara.

Yanzu ƙaninsa ne ke aikin, ita tana kula da masu zuwa. Sai dai ba sa zuwa. Baffan ya ce in wata ya ƙare a haka, zai koma tuƙi, a rufe shagon.

Mai zanen da ta kira ya yi musu allon talla ya jawo kujera mai ƙafa uku ya ɗosana, yana duba wayar.

"Ai zinariya kike riƙe da ita, ƙanwata! Ji wannan: ‘Hannun dattijon nan daban ne.’ Mu cire kwanan wata kawai. Ga wani dattijon can."

"Ni ne dattijon?" in ji Baffa daga bayan keken ɗinki. "Furfura uku gare ni, na ƙirga."

Auta ta karanta saƙon. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Shiru, kamar ta taɓa ƙafar da ta yi sanyi.

"Ba hannun Baffa suke nufi ba," ta ce.

"Wa zai sani?"

"Wanda ya kawo kujera saboda hannun Baba."

Ta gangara ƙasan saƙonnin. Akwai saƙo na arba'in da biyu, shi kaɗai ya shigo bayan rasuwar, daga wata malamar makaranta: "Ɗinkin ya yi tsaf, soson bai lotsa ba. Amma an ce mini kwana biyar, sai da na yi sati biyu."

"To yanke wutsiyar," in ji mai zanen.

"Ba haka ta rubuta ba."

Baffa ya daina taka keken. "Makoki muke yi fa lokacin, Auta."

"Na sani, Baffa. Ita kujerarta take jira."

Ta kira malamar, ta gaishe ta, ta tambaya ko za a iya sa maganarta gaba ɗaya, da kwanan wata. Malamar ta yarda, amma ban da hotonta.

Ranar da aka kafa allon, rubutun bai cika rabinsa ba. Baffa ya daɗe a tsaye gabansa, hannu a ƙugu. Sannan ya shiga ciki ya ɗauko alli, ya rubuta ranar karɓa a jikin kujera ɗaya tilo da ke jiran gyara.

Auta ta sa wayar mahaifinta a aljihun tebur, ta tura. Ƙurar na nan. Ta ɗauko tsumma.