Kar a Rufe Fayil Ɗina

Auta tana cikin wanke kwanuka wayar ta shigo. Ta goge hannu a jikin zane, ta ɗauka.

Jami'ar ɗaukar ma'aikata ce ta asibitin da Auta ta yi intabiyu don neman aikin gwajin jini. Matar ta yi gaisuwa mai tsawo, irin ta wanda ya zo da labari marar daɗi. An zaftare wa asibitin kasafin bana, in ji ta, hukumar gudanarwa ta dakatar da ɗaukar kowa sai yadda hali ya yi. Gurbin ma an janye shi.

"Ba gazawarki ba ce," ta ƙara.

Auta ta ce ta gode. Ta koma kan kwanukan, ta riƙa dirzar tukunyar da tuni ta fita.

Da yamma yayanta ya dawo daga shagon ɗinkinsa, ya tarar da ita ta haɗe rai.

"Wa ya taɓa mana likitar gida?"

Ta faɗa masa. Ya zauna yana cire zare daga jikin wandonsa.

"Wata suka ɗauka?"

"Ba su ɗauki kowa ba, Yaya."

"To ai ba korarki aka yi ba. Ni in yadi ya ƙare, ba na yaga awon mutum. Ki je ki ce su ajiye takardunki."

"In je in yi roƙo kenan?"

"Roƙo shi ne ki ce a ba ki abin da babu. Ke cewa za ki yi a tuna da ke ranar da akwai. Zuwa da kai ya fi aike."

Ta yi kwanaki tana juya maganar kafin ta shirya ta tafi asibitin.

Ofishin yana ƙarshen baranda, bayan ɗakin karɓar magani. Tebur uku ne a ciki, amma ɗaya kawai ke da mutum. Sauran an jibga musu fayil-fayil. Jami'ar ta ɗago, ta gane ta, fuskarta ta ɗan canza kamar mai jiran rigima.

"Hajiya, ba ƙorafi na kawo ba," Auta ta yi saurin cewa. "So nake kar a rufe fayil ɗina. In an ɗage dakatarwar, har yanzu ina son aikin."

Matar ta sauke ajiyar zuciya, ta nuna mata kujera.

"Gara da kika zo. Ƙa'idarmu, takardun wanda ba a ɗauka ba, bayan ɗan lokaci lalata su muke yi, sai in shi ya ba da izini a rubuce. Rubuta min layi biyu ki sa hannu, sai mu riƙe su shekara guda." Ta miƙo mata biro. "Amma kar in yaudare ki. Ban san ranar da za a buɗe ba. Kuma in an buɗe, tallata gurbin za a sake yi, ki sake nema kamar kowa. Abin da zan iya shi ne in sanar da ke da wuri."

"Ya ishe ni."

"Kina karɓar aikin wucin gadi? Riƙon wuri in wani ya tafi hutu? Wannan dakatarwar ba ta shafe shi ba."

Auta ta juya biron a hannunta. Kujerar dindindin ta sa wa rai, ba aron wuri ba. Sai ta tuna yadda hannunta ya fara manta nauyin sirinji.

"Ina karɓa."

"Ƙara shi a ƙasa. In kin canza lamba ko kin samu sabuwar takardar shaida, ki turo min."

Watanni suka shuɗe shiru. Auta ta koma taya wata ƙawarta tsaron shagon magani, ta kuma yi wani ɗan kwas na kula da ingancin gwaji. Da takardar shaidar ta fito ta aika wa jami'ar, aka amsa da "An samu" kawai. Wani lokaci takan ce a ranta an manta da ita.

Wata safiya tana jera kwalaben maganin tari jami'ar ta kira. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ɗakin gwaji za ta tafi hutun haihuwa, shugaban sashen ya nemi a duba masa waɗanda suka yi intabiyun baya. Fayil ɗin Auta kaɗai ya rage.

"Na wata uku ne fa," in ji matar. "Dakatarwar tana nan."

"Na ji, Hajiya. Yaushe zan fara?"

Ranar farko aka ba ta farar riga da ta yi mata yawa, sai da ta naɗe hannayen. Shugaban sashen, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya nuna mata inda ake ajiye safar hannu da firjin samfura, sannan ya leƙa baranda inda layi ya riga ya kai bakin ƙofa.

"Ki kira mutum na farko," ya ce.

Wata tsohuwa ce ta shigo tana ɓoye hannu a mayafi, tana cewa ita fa ba ta son allura. Auta ta jawo mata kujera.

"Zauna, Mama. Wane hannun kika fi yarda da shi?"