Jiniyar da Ta Cinye Karatun Hephzibah

Malam Sylvanus mutum ne da ba a gyara masa. Ya tsufa yana koyar da fiziks a wata sakandare a Unguwar Mu'azu, kuma duk abin da alli ya rubuta da hannunsa, to ya zauna ke nan.

Ranar da ya zo kan darasin Doppler, ya fara da kyau. Ya ce idan motar asibiti ta nufo ka, jiniyarta tsini take yi a kunne, in ta wuce sai ta yi kauri. Sai kuma ya kawo tasa gajeriyar hanya.

"In mai jiniya da mai saurare duk suna tafiya, kada ku wahalar da kanku. Ku haɗa gudunsu biyu ku ɗora a saman layin rabawa, shi ke nan."

Hephzibah, wadda ta fi kowa kai a ajin, ta ɗaga hannu.

"Malam, a littafi na ga ba haka ba ne. Mai jiniya matse igiyoyin sautin yake yi a gabansa, shi ya sa ake cire gudunsa a ƙasa. Mai saurare kuwa taryar su yake, nasa ne ake ƙarawa a sama."

"Iye! Farfesa ta iso!" in ji Malam. "Zo ki karɓi allin mana. Tun ba a haife ki ba nake wannan lissafi."

Aji ya kwashe da dariya. Ta zauna, idonta ya ciko. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba.

Ana nan sai wata ƙungiyar injiniyoyi ta shirya gasar kimiyya a wani zauren coci a Barnawa. Duk wanda ya ci, za a ɗauki nauyin karatunsa na jami'a har ya gama. Mahaifiyarta, Martha, masara take gasawa a bakin titi, kuma ta faɗa mata gaskiya tun tuni: in ba wannan ba, sai dai koyon ɗinki.

Aka yi ta fafatawa har ya rage ita da wani yaro Harrison daga Rido, makinsu ɗaya. Tambayar ƙarshe ta faɗo kanta. Alƙalin gasa ya karanta:

"Motar asibiti na busa jiniya mai kaɗawa ɗari takwas a sakan, tana gudun mita ashirin a sakan. Wani mai babur ya nufo ta, shi ma da mita ashirin. Gudun sauti ɗari uku da arba'in ne. Kaɗawa nawa mai babur zai ji?"

Hannunta ya riga ta. Ɗari uku da sittin a sama, ɗari uku da ashirin a ƙasa, a ninka da ɗari takwas. Ɗari tara cif! Har ta buɗe baki, sai ta haɗa ido da Malam Sylvanus a layin gaba. Ya harɗe hannuwa, yana gyaɗa mata kai. Dariyar ranar nan ta dawo mata a kunne. To in ita ce ba ta fahimci littafin ba fa? Wace ce ita? Ta soke, ta bi hanyarsa: ɗari uku da tamanin bisa ɗari uku da arba'in.

"Ɗari takwas da casa'in da huɗu," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Ba daidai ba. Harrison?"

"Ɗari tara."

Zaure ya ɗauki tafi. Kai, tazarar shida kacal! Ta zuba wa takardarta ido, ga ɗari taran nan a kwance, da layin da ta ja a kansa da hannunta. Ko kuka ya ƙi zuwa.

Suka kamo hanya a motar makaranta. Sun kusa gida Malam ya juyo daga kujerar gaba, ya yi tsaki.

"Ke ma da garaje. Sau nawa zan faɗa muku gudun mai jiniya ƙasa yake zuwa? Kin kunyata ni a gaban mutane."

Ta dubi 'yan ajinsu da suka zo rakiya. Dukansu suna nan ranar, dukansu sun yi dariya. Kowa ya mayar da fuska wajen taga.

"Haka ne, Malam," ta ce.

Motar ta tsaya a mahaɗar da Martha ke gashin masara. Martha ta hango ta, ta yar da mafici, ta taso da gudu tana murmushi, tana gyara ɗaurin zani don ta yi guɗa.