Sunan Kawu a Cikin Imel

Layi ɗaya da Jibril ya sa aka ƙara a imel ɗin ɗansa Mukhtar ne ya ɓata komai.

Wani kamfanin noma a Sinnar ke neman mai kula da famfunan ban ruwa. Abdulwahab, kawun Mukhtar, shi ke riƙe da sito a can, kuma shi ya tsegunta musu tun kafin a fitar da sanarwa, ya ce kada sunansa ya fito.

Hanaa, 'yar ƙanen Jibril, ta zo gidansu a Abu Hujar ta shirya takardun. Ta liƙa takardar tarihin karatu da aiki, ta liƙa wasiƙar neman aikin, sannan ta rubuta a jikin saƙon: sallama, sunan Mukhtar, aikin da yake nema da lambar sanarwar, ga takardu biyu a liƙe, ga lambar waya. Shi ke nan.

Jibril ya sa aka karanta masa, aka kuma maimaita. Bai gamsu ba. Ya san mijinta Kamal ma yana neman aikin nan. Ya tambaye ta ko na mijinta ma haka ta guntule shi. Ta ce haka. Ya ce a nuna masa, ta ce yana wayar Kamal. Nan ya gyaɗa kai, ya ga ya kama ta.

"Baba, bayanin duk yana cikin wasiƙa," in ji ta. "Wannan ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai. Kuma akwatin imel ɗin kamfanin ba na mutum ɗaya ba ne, duk wanda ke ofis yana buɗewa."

Shi kuwa a saninsa, tun da yake noma bakin kogi bai taɓa ganin an ba baƙo komai ba sai ya faɗi ɗan wane ne. Wa zai tsaya buɗe takardar yaron da bai san asalinsa ba? Ya lura ma ta ƙi shan shayi, tana ta duba waya. Da ta tafi ya ce wa Mukhtar ya dakata da turawa.

"Rubuta: ɗan 'yar'uwar Abdulwahab ne mai sitonku, shi ya gaya mana aikin tun ba a sanar ba."

Mukhtar ya ce kawu ya hana. Jibril ya ce kawunsa kunya ce ke damunsa, ya rubuta. Mukhtar ya rubuta, ya tura.

Ma'aikaciyar da ta buɗe akwatin ba ta ko taɓa takardun ba. Layin yana nan a fili, sai ta tura wa manaja saƙon yadda yake. Aka cire sunan Mukhtar. Kamal ma bai samu ba, wani daga Rusairis aka ɗauka.

Har yau Jibril na cewa da hannun Hanaa a ciki. Abdulwahab kuwa an karɓe makullan sito daga hannunsa, yanzu albasa yake aunawa a kasuwar Sinnar, kuma ya daina taka gidan 'yar'uwarsa.