Rabi Sau Rabi

Malamar lissafi ta kasa zama, sai zagaya ɗakin jarrabawa take yi. A tambaya ta shida an zaro ƙwallo ɗaya daga jaka, rabin ƙwallayen jajaye, rabi farare. Mene ne yiwuwar ya zama ja kuma fari?

Duk takardar da ta leƙa, rabi sau rabi, kwata. Amsar kuwa sifili ce, domin in ja ya fito, fari ba zai fito ba. Ninkawa sai inda fitowar wani ba ta shafi ɗayan ba. Ita ta cakuɗa musu biyun a aji, yanzu kuma doka ta hana ta magana.

"Sake karanta tambayar, 'yata," ta raɗa wa wata ɗaliba.

Ɗalibar ta karanta, ta yi murmushi, ta ja wa kwata layi.